Tsinken tsintsiya da murafan kwalba: yadda aikin gidajen lamba ke tafiya a aji biyu

Litinin, 7 ga Oktoba 2024

Yaran ajina 68 ne a rajista, aji biyu na firamare, nan Tudun Wadan Zariya. Kusan dukansu in ka ce su ƙirga daga ɗaya zuwa ɗari za su rera maka shi tas da waƙa da tafi, wasu har su rubuta a allo ba kuskure, shi ya sa iyaye ke ganin ai lissafi ya zauna. To yau na yi masu wani ɗan gwaji da ba ya cin minti biyu a kan kowane yaro. Na zuba murafan kwalba 16 a kan tebur, na ce ma yaro ƙirga, ya ƙirga, na ce rubuta, ya rubuta 16 daidai. Sai na ɗora yatsa a kan 6 ɗin na ce nuna mani wannan a cikin murafan, ya ware shida. Sai na ɗora yatsa a kan 1 ɗin na ce to wannan fa? Nan ne ake yin ta. Sai yaro ya ɗauko marfi guda ɗaya ya miƙo mani, ga tara zube a tebur ba su da mai su, in na ce waɗannan taran fa ina suke a cikin abin da ka rubuta sai ya yi shiru, wata ma cewa ta yi "Malama ai su ragowa ne."

Yara ashirin na samu na gwada kafin a kaɗa ƙararrawa, uku ne kawai suka tura goman gaba ɗaya suka ce wannan 1 ɗin goma ne. Sauran sha bakwai sun iya rubuta 16 kamar yadda suka iya rubuta sunansu, siffarshi suka haddace. Wannan, wato gidajen lamba, yaro ya gane darajar lamba daga wurin da take zaune, shi ne aikin da zan sa a gaba zangon nan, kuma duk abin da zan yi da wannan gwajin zan auna shi a ƙarshe.

Asabar, 12 ga Oktoba

Haɗa kaya. Na yi tunanin ashana amma ta yi ƙanƙanta ga hannun ɗan shekara bakwai, ga shi ba wanda zai ba yara 68 ashana ya juya baya. Tsinken tsire yana da kyau da ƙwari sai dai tsini gare shi, ido ɗaya ya isa ya rufe aikin gaba ɗaya. Na tsaya a kan tsintsiyar kwakwa, na sayo a kasuwar Sabon Gari, muka zauna da yaran gida muka yanke gindin mai kauri kamar tsawon fensir, siririn bakin muka bar ma shara. Daga kowane tsinke guda ɗaya ake samu mai kyau, in ka matsa ka ciri biyu na biyun lanƙwashewa yake.

Lissafin yawan: zan raba ajin rukuni 11, mutum shida shida, biyu daga ciki bakwai. Kowane rukuni sai ya iya gina kowace lamba har 99, wato ɗauri tara na goma goma da tsinke tara, sannan a ƙara saboda karyewa da ɓata da kuma lokacin tarawa, na yanke 120. Ka ga 1,320 kenan. Da yawa a ido amma yamma biyu ne in akwai hannaye.

Abin ɗauri ne ya fi ba ni tunani. Robar ɗaure kuɗi na san halinta, tsinkewa take kuma yara harbin juna suke da ita. Mai facin bakin layinmu ne ya ba ni tsohon tub na keke, ya ce "Malama ki yanka shi a kwance kamar kina yanka albasa, zobe zobe zai fito." Haka kuwa aka yi, tub ɗaya ya ba ni zobba fiye da yadda nake buƙata, a naɗa sau biyu ya kama tsinke goma cif.

Murafai kuwa na ce ma yaran kowa ya kawo. Na roba sun fi wuyar samu fiye da yadda mutum zai zata, saboda masu kunun aya da zoɓo suna sayen gorar da marfinta, ba mai yar da marfi yanzun. Na ƙarfe an samu da yawa a wajen masu shago amma da sauran laimar damina, rabi duk tsatsa, kuma bakinsu na yankan yatsa. Na jiƙa na robar a ruwan omo na shanya. Amma ba yanzun za a yi aiki da su ba, tsinke tukunna.

Talata, 15 ga Oktoba

Darasi na farko. Ban ce masu komai a kan goma ba. Na juye ma kowane rukuni tulin tsinke a ƙasa, na riga na ƙirga 47 a kowane tuli amma ban faɗa ba, na ce ku gaya mani nawa ne. Aka fara, wannan na ƙirgawa wancan na sa baki, a wani rukunin an kai talatin da wani abu aka ruɗe aka koma farko. Amsoshin da na rubuta a allo: 47, 45, 47, 51, 44, haka dai. Na ce to wa ke da gaskiya, kuma ta yaya ni da nake tsaye a nan zan duba ba sai na sake ƙirgawa daga ɗaya ba?

Wani yaro ya ce a ware biyar biyar. Ban hana ba, na bari suka yi, dan shawara ce mai kyau, sai da suka gama na ce to mu a rubutun lamba an riga an yi yarjejeniya tun kafin a haife mu cewa goma goma ake warewa, ga zobba, duk tsinke goma a ɗaure. Cikin ɗan lokaci kowane rukuni ga ɗauri huɗu ga tsinke bakwai a gefe, kuma waɗanda suka ce 51 da kansu suka ga ba haka ba ne.

Doka ɗaya na kafa, na sa suka maimaita: ba a barin tsinke goma a warwatse, da sun cika goma a ɗaure. Kowane rukuni na ba su bayan kwali na ja layi a tsakiya, ɗauri a hagu, ɗai-ɗai a dama. Na sa alama a saman kwalin dan kar wanda ke zaune ta ɗaya gefen ya ga abin a juye, wannan ƙaramin abu ne amma in yara sun kewaye kwali rabinsu 74 suke gani ba 47 ba. Daga baya ma na ce duk su koma gefe ɗaya su yi layi, ko da an matsu.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Abin lura na yau. Na ɗaga ɗauri uku da tsinke biyu na ce nawa ne, sai na ga wata yarinya tana taɓa tsinkayen cikin ɗaurin ɗaya bayan ɗaya tana motsa baki. Ita ɗaurin bai zama abu guda a wajenta ba tukun, bata yarda goma ne a ciki ba sai ta ƙirga. Wani kuma akasin haka, ya ƙirga ɗaya biyu uku huɗu biyar ya ce biyar ne, shi ɗauri da tsinke duk ɗaya ne a idonshi. Matsala biyu ce daban kuma maganinsu daban. Ita na bar ta ta kwance ta ƙirga ta ɗaure da hannunta har ta gaji ta yarda. Shi kuma na ce mashi zo mu yi musanye, ka ba ni ɗaurinka ɗaya in ba ka tsinkena ɗaya tunda duk ɗaya ne, ya maƙe kafaɗa ya ce "a'a Malama, nawa ya fi yawa." Na ce da nawa ya fi? Daga nan muka kama hanya.

Ƙirgan da nake so su iya shi ne mai canza taki a tsakiya: goma, ashirin, talatin, sannan talatin da ɗaya, talatin da biyu. Wajen canjin nan da yawa ke zarcewa su ce arba'in, hamsin a kan tsinke ɗai-ɗai. Na sa suna buga ƙafa a ɗauri, tafi a tsinke, ya ɗan taimaka.

Laraba, 23 ga Oktoba

Shifta na yi masu. Na ce ku rubuta talatin da huɗu. Yara goma sha wani abu suka rubuta 304. Kuma in ka duba ba wauta ba ce, abin da suka ji suka rubuta: talatin 30, huɗu 4, suka jera. Wanda ya yi wannan ya fi wanda ya haddace kusa da ganewa, dan shi ya san akwai talatin a ciki, abin da bai sani ba shi ne inda sifilin ke tafiya.

Na yanka kwalin taliya na yi kati iri biyu. Dogaye masu 10, 20, 30 har 90, da gajeru rabin tsawonsu masu 1 zuwa 9. Yaro ya ajiye katin 30 a ƙarƙashin ɗauri uku, katin 4 a ƙarƙashin tsinke huɗu, sannan ya ɗauki 4 ɗin ya ɗora a kan sifilin 30, gefen dama ya daidaita da gefen dama. Sai ga 34. In ya ɗaga katin sama ya ga 30 na nan kwance bata je ko ina ba. Wallahi da ajin ya ga wannan sai da aka yi "laaa". Amfanin katin kenan, yana nuna 3 ɗin cikin 34 talatin ne da aka rufe mashi sifili.

Akwai kuma abin da ke cikin sunayen lambobin namu. Daga ashirin zuwa casa'in duk daga Larabci muka aro su, kuma yaro ɗan shekara bakwai ba abin da zai ji a cikin "hamsin" da zai gaya mashi goma biyar ne a ciki, suna ne kawai kamar sunan mutum. Amma tsohon ƙirgan Hausa yana da gomiya: gomiya biyu, gomiya uku, gomiya biyar. Kakata har ta rasu wani lokacin haka take faɗa. Na dawo da shi aji, kowace lamba muna kiranta sau biyu, gomiya uku da huɗu, talatin da huɗu. Malamin aji uku ya leƙo ya ce "Malama kar ki ruɗa su fa, jarabawa da turanci za ta zo." Na ce Malam ai wanda ya san gomiya uku ne a ciki ko da wane yare aka tambaye shi zai nemo, sunan turancin ma muna faɗa a ƙarshe. Bai dai gamsu sosai ba.

Litinin, 28 ga Oktoba

Sifili. Na ce a gina 40, aka ajiye ɗauri huɗu, gefen dama wayam. Na ce a rubuta abin da ke kan kwalin, wasu suka rubuta 4 suka tsaya, hujjarsu ai ba komai a ɗaya gidan me za a rubuta. Na aiki yaro ɗaya waje, na rubuta 4 a takarda, na kira shi na ce ɗauko mani abin da takardar nan ta ce. Ya kawo tsinke huɗu. Ajin suka hau ihu ɗauri ake nufi ɗauri ake nufi, ya ce shi ina zai sani. Shikenan darasin ya koyar da kanshi, sifili shi ke gaya ma wanda bai ga kwalin ba cewa gidan dama ba kowa, 4 ɗin na gidan hagu ne.

Talata, 5 ga Nuwamba

Makon jiya duk wasan cika ɗari muka yi. Dayis ɗin ludo guda ɗaya a rukuni, ka jefa, abin da ya fito ka ɗebi tsinke ka zuba a gidan dama, in sun kai goma ka ɗaure ka tsallakar hagu, ɗaya daga cikinsu na rubuta jimla bayan kowace jifa. Wasan ya fi duk wani bayani nawa aiki saboda a zagaye ɗaya sai an ɗaure sau tara ko goma, kuma yara basa yafe ma juna, da mutum ya bar sha ɗaya a warwatse za a ce "ɗaure mana!"

Yau muka shiga tarawa, 28 + 35. A kwali: ɗauri biyu da tsinke takwas a sama, ɗauri uku da tsinke biyar a ƙasa. A haɗa na dama, sha uku. Doka ta ce me? A ɗaure goma, saura uku. Sabon ɗaurin ya tsallaka hagu, biyu da uku da shi, shida. 63. Wanda bai bi doka ba 513 yake rubutawa, biyar a hagu sha uku a dama, kuma da na ga 513 a littafi na san ba ƙirga ne matsalarshi ba, ɗauri ne. Abin da na nace a kai shi ne ɗan ƙaramin 1 ɗin nan da ake rubutawa a sama, na ce duk wanda ya rubuta shi sai ya ɗaga mani ɗaurin da yake nufi. Mutum ɗaya na motsa tsinke, na kusa da shi na rubutawa a lokaci guda, mataki da mataki. In aka gama da tsinke sannan aka koma rubutu daga baya, yara ɗaukarsu suke abu biyu da ba ruwan wani da wani.

Wasu sun fi son fara haɗa ɗaurin, su ce hamsin, sannan sha uku, sittin da uku. Daidai ne kuma haka 'yan kasuwa ke yi da ka, ban hana ba.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Ɗebewa, kuma nan ne na fi daɗewa dan nan ne ciwon yake. Kafin mu taɓa tsinke na rubuta 42 − 17 a allo na ce kowa ya yi a littafinshi. Amsar da ta fi yawa 35. Ga yadda take fitowa: yaro ya kalli 2 da 7, an taɓa gaya mashi ba a cire babba daga ƙarami, sai ya juya ya cire 2 daga 7 ya samu 5, sannan 1 daga 4 ya samu 3. Duk littafin da ka ga 35 a wannan tambayar ba sai ka tambaya ba, abin da ya faru kenan. Wasu kaɗan sun rubuta 30, su cewa suka yi biyu ba za ta ba da bakwai ba dan haka sifili.

Da tsinke abu na farko, 42 kaɗai ake ginawa. Yara na son su gina 17 ɗin ma a ƙasa kamar yadda aka yi a tarawa, in suka yi haka sai ka ga sun cire tsinke biyun sama daga bakwan ƙasa, kuskuren ya dawo da kayan aiki a hannu. 17 ba wani tuli ba ne daban, abin da za a fitar ne daga cikin 42. Na rubuta shi a 'yar takarda na ba yaro ɗaya na ce kai ne mai karɓa, sai an ba ka sha bakwai cif.

To ga ɗauri huɗu da tsinke biyu. Mai karɓa ya ce a ba shi bakwai tukun. Biyu ne a warwatse. Aka yi cirko-cirko, wata ta ce ba zai yiwu ba, na ce mutum na da arba'in da biyu a ce ba zai iya ba da bakwai ba? Sai wani daga baya ya ce "Malama a kwance ɗaya." Na ce zo ka kwance. Ya zare zoben, goma suka zube a gidan dama, yanzun ɗauri uku da tsinke sha biyu. Nan na tsayar da kowa, kar a cire komai, na ce nawa ne a kan kwalin yanzun? Wannan tambayar ita ce gwajin. Wasu suka ce 32, wasu 52, wasu suka fara ƙirgawa. Kaɗan ne suka ce nan take arba'in da biyu ne mana ai ba a fitar da komai ba. Sai da muka ɗaure muka kwance muka sake ɗaurewa kafin ya zauna cewa gomiya huɗu da biyu, da gomiya uku da sha biyu, dukiya ɗaya ce.

Daga nan sauƙi ne. Bakwai daga sha biyu saura biyar, ɗauri ɗaya daga uku saura biyu, 25. A rubuce kuma soke 4 a mai da shi 3 shi ne zare zoben, 1 ɗin da ake maƙala ma 2 ya zama 12 su ne goman da suka zube. Na sa suka tabbatar, mai karɓa ya dawo da sha bakwan a haɗa da 25, biyar da bakwai sha biyu, a ɗaure, ga 42 ta dawo. Na ce to ku gwada da 35 ɗin da kuka samu da farko, suka haɗa ya ba su 52, suka yi ta dariyar kansu.

Wata ta kama ni da tambaya, ta ce ba kin ce ba a barin goma a warwatse ba. Gaskiyarta. Na gyara dokar: lokacin da za a rubuta amsa ne ba a bari, ana cikin aiki kuwa a kwance a ɗaure duk ya halatta.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Hunturu ya fara, tsinkayen sun bushe suna karyewa, yara kuma in tsinke ya karye biyu sai su ƙirga shi biyu. Na ce duk wanda ya gaza tsawon yatsa a zubar. An kuma samu ɗauri masu tara da masu sha ɗaya, shi ya sa yanzun ranar Litinin minti biyar na farko na duba ɗauri ne, kowane rukuni ya binciki na maƙwabcinshi.

Mun ɗaure ɗari yau, ɗauri goma da igiyar leda, muka sa mashi suna dami. Da muka tara na ajin duka aka samu dami goma har da ragowa, na ce to ga dubu ku gan ta da idonku, suka yi ta zuwa suna ɗagawa. Amma a nan iyakar tsinke take. Rukuni ɗaya dami ɗaya gare shi, ba mai iya gina 305 sai ya kwashe na rukuni uku. Lokacin murafai ya yi kenan.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Murafai ba kamar tsinke ba ne, kuma wannan bambancin shi ya sa na jinkirta su wata ɗaya da rabi. Ɗauri goman na cikinshi, ana gani ana kwancewa. Marfi kuwa ba komai a cikinshi, cewa kawai muka yi wannan goma ne, yarda ce. Yaron da bai gama da tsinke ba in ka ba shi marfi ka ce goma ne, ka dawo da shi inda yake ranar 7 ga Oktoba.

Ranar Talata na bi yadda aka saba, fari ɗaya, kore goma, ja ɗari. Na buɗe banki a teburina, ka kawo ɗauri a ba ka kore, ka kawo dami a ba ka ja, kore goma a canza maka da ja ɗaya. Sun kama da wuri dan sun san kuɗi, sun san takardar ɗari ɗaya ta fi takardun naira goma guda biyar duk da su sun fi yawa a hannu. Kuɗin ne ma dai bai da amfani sosai a gidan ɗai-ɗai, yaran nan ba wanda ya taɓa sayen abu da naira ɗaya.

Sai dai jiya na lura da wani abu. Na ce a gina 305, wani rukuni suka zuba ja uku da fari biyar a tuli ɗaya ba su ko kalli kwalin ba, kuma ba za ka ce sun yi kuskure ba, ko ka watsa su a buhu 305 ne, launi ya riga ya faɗi darajar kowanne. To ai a rubutu ba launi. 3 ɗin cikin 305 da na cikin 35 alli ɗaya ne ya rubuta su, wurin zamansu ne kawai ya bambanta. In dai launi na yin aikin, yaro bai da dalilin kula da gida, kuma ba abin da zai tuna mashi da sifili. Da na ce su rubuta, a rukunin nan mutum huɗu 35 suka rubuta.

Dan haka yau na kwashe masu launi na ba kowane rukuni farare zalla, kwali mai gida uku. Marfi ɗaya na ɗora a dama na ce nawa, ɗaya. Na tura shi tsakiya, aka yi jim, sai wata ta ce goma. Na tura hagu, ɗari. Marfin bai canza ba. Na ba su murafai uku kacal na ce ku nemo duk lambobin da za ku iya ginawa da su ukun, ku rubuta. Aka samu 3, 30, 300, 12, 21, 111, sannan a hankali 102, 120, 201, 210. Goma ne duka, rukuni biyu suka samo su gaba ɗaya, sauran yawanci 102 da 201 ne suka kuɓuce masu, masu gidan tsakiya wayam. Na ce wanne ya fi girma, wani ya ce duk ɗaya ne tunda duk marfi uku ne, na ajiye sunanshi cikin waɗanda za su koma tsinke.

A ganina masu launin kwana biyu sun ishe su, gada ce kawai. Wanda zai yi wannan aikin da ƙarancin lokaci ma zai iya tsallake su.

Talata, 26 ga Nuwamba

Na sake gwajin farko da yaran nan ashirin, na canza lambar zuwa 23 dan kar a ce haddacewa aka yi, kuma murafai a warwatse ba ɗauri ba kwali. Sha huɗu suka tura ashirin ɗin da na nuna 2. Huɗu sun fara ɗauko marfi biyu, sai da na ce sauran fa suka gyara da kansu. Biyu na nan inda suke, kuma su biyun suna cikin masu yawan fashi, ranar da aka yi ɗauri na farko ma basa nan.

42 − 17 na canza shi zuwa 53 − 28 a takarda ba kayan aiki, har yanzun akwai masu rubuta 35, sun ragu sosai amma suna nan, kuma in na tura masu tsinke suna samun 25. Wato hannu ya iya, alƙalami bai bi ba tukun. Su zan zaunar mutum biyu biyu, ɗaya na kwancewa ɗaya na sokewa a takarda, sannan su yi musanye.

Masu rubuta ɗari da biyar 1005 sun fito, na yanka katin ɗari ɗari masu tsawon gida uku, 100 zuwa 900, gobe za a ɗora 5 a kan sifilin ƙarshe. Ɗebewa mai ratsa sifili irin 302 − 148 ban taɓa ba kuma ba zan taɓa ba kafin jarabawa, sai zango na biyu, shi sai an kwance dami a samu ɗauri goma sannan a kwance ɗaya daga ciki, kuma da tsinke za a fara shi ba da marfi ba. Na ce ma hedimasta a ba ni kwali biyu a ofis in ajiye kayan lokacin hutu, ya ce in rubuta suna a jiki dan kar masu shara su ga tsintsiya su kwashe.